Ranar Asabar a babban ɗakin taro: yadda ba da jini ke gudana daga bakin ƙofa har zuwa inuwa

Kwamitin lafiya na ƙungiyarmu ta ɗalibai na kiran kowa, ɗalibai da malamai da ma'aikata da maƙwabtan jami'a, zuwa ba da gudummawar jini ranar Asabar mai zuwa a babban ɗakin taro da ke cikin harabar jami'a a nan Maradi. Za a buɗe ƙofa ƙarfe 7:30 na safe, a ɗauki mutum na ƙarshe ƙarfe 1 na rana. Ma'aikatan cibiyar ƙarin jini ta jiha ne za su zo da gadajensu da ledojinsu da akwatunan sanyinsu, su ne kaɗai masu taɓa allura. Namu aikin shi ne tsara layi, raba ruwa da zama kusa da wanda ya gama. Ba a biyan ko dala, ba a kuma biyan mai bayarwa. A zo da katin ɗalibi ko katin ɗan ƙasa, da riga mai hannu sakakke wadda za a iya naɗewa har saman gwiwar hannu.

Mun sa shi yanzu ne saboda damina. Daga Yuli zuwa Oktoba zazzaɓin cizon sauro ke cika ɗakunan yara a asibitocin Maradi da Madarunfa, kuma ƙwayar cutar jajayen ƙwayoyin jini take fasawa. Yaron da ma'aunin jininsa ya sauka ƙasa da giram 4 ba ya jiran gobe. Lissafin likitoci shi ne mililita 20 na jini ga kowane kilo na nauyin yaro, ke nan yaro mai kilo 10 na buƙatar mililita 200. Ledar da babba ɗaya ya cika tana da 450, idan an raba ta cikin ƙananan ledoji tana iya isar yara biyu. Ga kuma mata masu zubar jini bayan haihuwa, ga masu amosanin jini, ga haɗarin babur da ba ya yankewa.

Mun bi wannan layin da kanmu, mun kuma tsaya gefen teburan a zagayen da suka wuce, don haka abin da za mu faɗa a nan abin da ido ya gani ne. Babban abin da muka lura da shi guda ɗaya ne. Waɗanda juwa ta kama, kusan dukansu ba ƙarancin jini ya kayar da su ba. Ciki ne babu kowa, ko zafi, ko fargaba, ko saurin miƙewa. Duk huɗun ana iya magance su tun daga gida.

Aikin yana farawa ne tun daren Juma'a. A yi barci sosai, a bar karatun dare na wannan ranar. Da safe a karya da abin da aka saba, koko da ƙosai, ko shinkafa da wake, ko fura. Abin da ba a so shi ne abinci mai maiƙo da yawa dab da zuwa, domin maiƙon kan dagula ruwan jinin. A sha ruwa tun daga gida, mu ma a bakin ƙofa za mu miƙa wa kowa leda ɗaya ta ruwa, rabin lita, ya shanye kafin ya kwanta a gado. Wannan ruwan ba na karamci ba ne kawai, yana rage yawan masu suma ƙwarai. Shayi mai ƙarfi da kofi ba su maye gurbinsa. Mai azumin nafila ko na ramuwa ya zaɓi ɗaya, ko ya matsar da azumin ko ya jira wani zagayen. Ba za mu bar mai azumi ya hau gado ba.

Tebur na farko na rubuta suna ne da awon nauyi. Sai mai shekara 18 zuwa sama, mai nauyin kilo 50 ko fiye. Mutane na yawan jayayya a kan sikelin nan, musamman ƴan'uwanmu mata, don haka bari mu yi lissafin a fili. Jikin babba na ɗauke da jini kamar mililita 70 ga kowane kilo. Ɗaliba mai kilo 52 tana da wajen lita uku da rabi, idan an ɗibi 450 an ɗauki kashi 12 ko 13 cikin ɗari, abin da jiki ke iya cikewa ba tare da ya girgiza ba. Wadda ke da kilo 43 kuwa lita uku take da shi, ledar guda za ta kwashe kashi 15 cikin ɗari, a nan ne haɗarin suma ke ƙaruwa. Ba a kuma iya cewa a ɗibi rabi, dalilin zai zo a gaba. Wanda sikeli ya mayar, akwai aikin raba ruwa da riƙe layi, kuma hannu muke nema.

Daga nan sai ɗakin tambayoyi, wanda muka keɓe da labule a kusurwa. Ma'aikaci ɗaya ne da mai bayarwa ɗaya, babu ɗan kwamiti a ciki, kuma mace na iya neman mace ta yi mata. A nan ake auna tansiyo da bugun zuciya, a kuma yi tambayoyin da wasu kan ji nauyinsu. Ka yi zazzaɓi kwanan nan? Kana shan wani magani? An taɓa yi maka ƙarin jini? Ka taɓa yin shawara, idanu suka yi rawaya? An yi maka ƙaho, ko tsaga, ko aski da askar da ba sabuwa ba? An cire maka haƙori ko an yi maka aiki? Akwai wata mu'amala ta kwanan nan da kake shakka a kanta? Mace kuma za a tambaye ta juna biyu, shayarwa, da ko jinin al'adarta mai yawa ne.

Wannan ɗakin ya fi kowane wuri muhimmanci, kuma muna so a fahimci dalili. Kowace leda sai an gwada ta a labo kan cututtuka huɗu, sida, ciwon hanta nau'in B, nau'in C, da tunjere. Amma gwaji na da iyaka. Idan cuta ta shiga jiki sabuwa, akwai makwanni da ƙwayar ke cikin jini amma na'ura ba ta ganin ta. Jinin da aka ɗiba a wannan tsakanin zai fito da sakamako mai kyau, a ɗaura wa jariri, ya tafi gida da cutar da bai zo da ita ba. Babu na'urar da ke toshe wannan kafar sai gaskiyar mai bayarwa. Don Allah, wanda ke son sanin matsayinsa kawai, ya je wurin gwaji kai tsaye, kada ya biyo ta ledar jini. Wanda kuma ya san akwai abin da ya faru kwanan nan, ya faɗa a bayan labule. Ma'aikacin zai ce masa ya dawo bayan wata kaza, ya fito ta ƙofar da kowa ke fita, babu wanda zai san ko zazzaɓi ne ko tansiyo ko wani abu. Mu kanmu ba a gaya mana.

Masu ɗauke da rabin amosanin jini, wato AS, su faɗa, galibi ana karɓa idan sauran awo ya yi kyau. Mai SS ba ya bayarwa. Wanda ya tashi daga zazzaɓin cizon sauro kwanan nan, ko da ya ji garau, ma'aikacin ne zai yanke masa lokacin dawowa.

Tebur na uku na ɗan yatsa ne. A goge, a tsira, a matso ɗigo ɗaya a sa a ƴar na'ura, cikin minti ɗaya lamba ta fito. Ana neman giram 12 ga mace, 13 ga namiji. Da yawa sun ce mana tsirar yatsan ta fi ta hannun zafi. Ɗalibar nan mai kilo 52 da muka yi lissafinta, a zagayen da ya wuce tata ta nuna 12.4, ta wuce. Ƙawarta da suka zo tare, wadda ta fi ta jiki, tata ta nuna 11.2, aka dakatar da ita. Ta ɓata rai, ta ce ita ko ciwon kai ba ta yi. Ma'aikaciyar ta ja ta gefe ta ce, "Ƙanwata, ba cewa aka yi ba ki da lafiya ba. Abin da ke jikinki ya ishe ki, amma bai kai na kyauta ba. Ki je a duba ki, a rubuta miki maganin ƙarin jini, ki riƙa cin hanta da wake da zogale, ki daina kora abinci da shayi. Bayan wata uku ki dawo mu sake gani." Irin wannan dakatarwar ta fi yawa a cikin mata saboda al'ada na rage ƙarfen da ke cikin jini kowane wata, kuma ƙiba ko rama ba su nuna ma'aunin jini.

Sai gado. Za a ce ka kwanta, a duba hannuwan biyu, a zaɓi wanda jijiyarsa ta fi fitowa a lanƙwasar gwiwar hannu. A ɗaure dantse da roba, a ba ka ƴar ƙwallo ka riƙe. Za a goge wurin da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a jira ya bushe. Kada ka hura, kada ka taɓa, domin ƙwayar da ke kan fata idan ta bi allura ta shiga leda, tana iya hayayyafa a ciki. Ka buɗe ido ka kalli abu guda a nan, domin shi ne amsar tambayar da aka fi yi mana. Allura da siririn tiyo da leda abu ɗaya ne a haɗe tun daga masana'anta, a rufe, a gabanka ake ɓare su. Ba a cire allurar a sa wa wata leda, in an gama yanke ta ake yi a jefa cikin akwatin sharar allurai. Babu ta inda jinin wani zai haɗu da naka. Wanda bai ga an ɓare a gabansa ba, yana da haƙƙin ya ce a tsaya.

Allurar ta fi ta zazzaɓi kauri, gaskiya ne, kuma da gangan aka yi ta haka don kada jajayen ƙwayoyi su farfashe wajen wucewa. Zafin na shigarta ne, daƙiƙa biyu ko uku, daga nan sai dai ka ji nauyinta. Ledar na ƙasa da gadon, a kan sikeli, ana jujjuya ta a hankali. A cikinta akwai wani ruwa mililita 63 da ke hana jini daskarewa, yana kuma ciyar da ƙwayoyin. An auna shi ne daidai da mililita 450, shi ya sa ba a ɗibar rabi, ledar da ta tsaya nesa da cika maganin ya yi mata yawa, ba za a ɗaura wa kowa ba. Duka abin da ake ɗiba bai kai ledar ruwan da ka sha a bakin ƙofa ba. Ka riƙa matsa ƙwallon kana saki duk bayan daƙiƙa biyar zuwa goma. Ta ɗalibar nan ta cika a minti tara. Yawanci tsakanin takwas ne da goma sha biyu, idan ta doshi goma sha biyar ba ta cika ba ma'aikaci kan tsayar, domin jini mai tafiyar hawainiya kan fara gudaji a cikin tiyo. Kafin a zare allura a kan cika ƙananan kwalabe na gwaji, a manna musu lamba ɗaya da ta leda. Lamba ce ke tafiya labo, ba suna ba.

Yanzu abin da kan ɓaci. Na farko kuma mafi yawa shi ne juwa. Tana da alamun da ke riga ta zuwa, hamma a jere, zufa mai sanyi a goshi, tashin zuciya, kunne na ƙugi, gani na dushewa, leɓe ya yi fari. Abin da ke faruwa shi ne jijiyoyin jini sun saki, bugun zuciya ya ragu, jini ya taru a ƙafafu, ƙwaƙwalwa ta samu kaɗan. Ganin allura kaɗai na iya jawo shi, mun ga wanda ya yi tun a teburin yatsa, ba a ɗibi komai ba. Da ka ji ɗaya daga cikin alamun, ka yi magana. Kada ka daure don abokai na kallo, wannan jarumtar ce ke kai mutum ƙasa. Za a zare allura, a kwantar da kai, a ɗaga ƙafafu sama da kai, a yi fifita, cikin ƴan mintoci ka dawo. Akwai dabarar da muke koya wa kowa a layi. Kana kwance ka harɗe ƙafafu, ka ɗaure naman cinya da na ciki ka ƙirga biyar, ka saki ka ƙirga biyar, ka yi ta maimaitawa, musamman lokacin da leda ta kusa cika da lokacin da za ka tashi. Yana tura jinin ƙafafu ya koma sama. Sumar kanta ba ta da haɗari ga mai lafiya, faɗuwar ce ke fasa kai. Saboda haka muka ware mutum ɗaya ga kowane gado, ba mai tashi shi kaɗai.

Na biyu shi ne kumburi a wurin allura. Idan bakin allura ya huda bayan jijiya, ko mutum ya motsa hannu, jini kan zuba ƙarƙashin fata, wurin ya tashi. Sai a zare, a danne. Wurin zai yi baƙi-baƙi, ya koma kore, ya koma rawaya, ya baje cikin mako ɗaya ko biyu. Ranar farko a ɗora tsumma mai sanyi, kada a murza, kada a sa man zafi. Yawancin kumburin bayan an gama yake zuwa, kuma dalilinsa sananne ne, mutane kan lanƙwashe hannu a kan auduga. Lanƙwasawar ba ta danne hujin. A miƙe hannu, a ɗan ɗaga shi, a danne audugar da yatsu biyu minti biyar cur, ba tare da ɗagawa a leƙa ba.

Akwai biyu da ba kasafai suke faruwa ba, amma ya kamata a san su. Idan da shigar allura ka ji zafi kamar lantarki ya ruga zuwa yatsu, ko yatsun sun mutu, allurar ta taɓa jijiyar ji, ka faɗa nan take a zare. Idan kuma jinin ya fito ja wur, allurar na motsi da bugun zuciya, leda na cika cikin minti uku ko huɗu, an samu jijiyar da ke fitowa daga zuciya ce. Ma'aikata sun san wannan da gani, za su zare su danne aƙalla minti goma.

Bayan an manna filasta, ka zauna bakin gado minti ɗaya ko biyu ƙafafu na lilo, sannan a raka ka inuwa. Mun shimfiɗa tabarmi da kujeru, akwai ruwa da lemo da burodi. Minti goma sha biyar za ka yi a nan, ko da kana jin za ka iya buga ƙwallo. A nan muka fi shan gardama. Wani ɗan'uwa ya taɓa ce mana, "Kamarad, ni fa lafiyata ƙalau, ga babur ɗina can." Bai kai ƙofa ba ya dafa bango. Juwa na iya jinkiri, ta zo a hanya. Don haka wanda zai iya, ya bar babur a gida ya shiga adaidaita, ko ya zo da wanda zai tuƙa shi. Ranar babu ƙwallo, babu ɗaukar jarka da hannun da aka huda, babu tsayuwa cikin rana, mai shan taba ya jinkirta awa biyu. Filastar ta zauna awa huɗu zuwa shida, a yi alwala a hankali kada a goge wurin. Idan juwa ta zo a masallaci ko a layin abinci, a zauna nan take a sunkuyar da kai tsakanin gwiwoyi, ko a kwanta a ɗaga ƙafa.

Ana yawan tambayarmu yaushe jinin ke dawowa. Ruwansa kan cike cikin kwana ɗaya zuwa biyu idan ana sha. Jajayen ƙwayoyi kan ɗauki mako huɗu zuwa shida. Ƙarfen da ya tafi da ledar, wajen miligiram 200 zuwa 250, shi ne mai daɗewa, watanni yake ɗauka, kuma shi ya sa namiji ke jiran wata uku, mace wata huɗu, kafin a sake. Wanda ya ba ɗan'uwansa jini a asibiti cikin wannan tsakanin ya faɗa, kada ya ɓoye don son lada. Maganar da ake yi cewa ba da jini na rage ƙarfin namiji ko hana haihuwa ba ta da tushe, ɓargo kullum cikin ƙera sabon jini yake, ko an ɗiba ko ba a ɗiba ba, domin jar ƙwaya kwana 120 take yi ta mutu. Haka ma zancen cewa wanda ya fara dole ya ci gaba ko jini ya yi masa yawa, jiki na tsayawa da ƙerawa da ya kai ma'auninsa.

Ledojin kuwa cikin akwatin sanyi suke barin harabar jami'a. A cibiya a gwada su, a tantance rukuni, A ko B ko AB ko O, da alamar Rezus, ta ƙari ko ta ragi, sannan a ajiye tsakanin digiri 2 da 6. Irin ledar da aka fi amfani da ita kwana 35 take yi, shi ya sa taro ɗaya a shekara ba ya wadatarwa, kuma shi ya sa muke rubuta lambar wayar wanda ya yarda a kira shi. Masu O mai alamar ragi na cikin waɗanda aka fi wahalar samu, idan katinka ya nuna haka, muna roƙonka ka bar lambarka.

Sakamako ba ya zuwa hannun ƙungiya, ba a kafa shi a allo, ba a aika shi ta hannun aboki. Ma'aikatan za su faɗa maka ranar da za ka je cibiya da kanka ka karɓi katin rukunin jininka. Idan an ga wani abu, a keɓe za a gaya maka, a sake gwaji don tabbatarwa, domin gwajin farko kan yi ƙararrawar ƙarya wani lokaci. Wanda aka fi gani a yankinmu shi ne ciwon hanta nau'in B, da yawa tun suna yara suka ɗauka ba su sani ba, kuma ana bibiyarsa a asibiti, iyali kuma akwai allurar rigakafi.

Daga shiga zuwa fita a ware minti arba'in da biyar zuwa awa ɗaya. Layi ya fi sauƙi kafin ƙarfe 9, kuma lokacin rana ba ta yi zafi ba. Gadajen mata na gefen dama bayan labule, da ƙofarsu daban. Masu jarrabawa ranar Litinin za su iya bayarwa, karatu ba ya cikin abin da aka hana. Wanda ya tashi ranar Asabar da zazzaɓi, mura mai ƙarfi ko gudawa, ya zauna gida. Wanda kuma rashin lafiya ta same shi cikin mako biyu bayan ya bayar, musamman zazzaɓi ko rawayar ido, ya koma cibiya da lambar da aka ba shi ya sanar, don a janye ledarsa idan ba a riga an yi amfani da ita ba.